Yadda Ake Lissafin Zafin da Ke Mayar da Ƙanƙara Tururi

Ɗalibin fiziks da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO zai iya cin karo da tambayar da ke cewa a nemo yawan zafin da ake buƙata domin a ɗauki ƙanƙarar da sanyinta ya wuce sifili, a bi da ita har ta zama tururi. Lissafin da ke cikinta bai wuce ninkawa da tarawa ba, amma duk da haka ɗalibai da yawa suna zubar da maki a kanta, kuma a mafi yawan takardun da nake dubawa a nan Birnin Kebbi dalilin ɗaya ne: ɗalibi ya ɗauki tafiyar gaba ɗaya a matsayin zango guda, ya ɗora mata ƙa'ida guda, alhali kuwa zango biyar ne, kowanne da ƙa'idarsa da lambarsa. Wanda ya iya raba zangunan nan kafin ya taɓa kalkuleta ya gama mafi wuyar aikin.

Misalin da za mu bi daga farko har ƙarshe shi ne ledar ruwa guda da ta kwana a firiza ta daskare, irin wadda masu sayar da ƙanƙara ke fitowa da ita da la'asar a watan azumi. Ledar tana ɗaukar rabin lita, rabin litar ruwa kuwa nauyinsa rabin kilo ne, wato 0.5 kg, kuma daskarewa ba ta canza wannan nauyi ko da yake ledar takan kumbura. Firizar da ta sami wuta sosai takan kai abin da ke cikinta kimanin −18 °C. Tambayarmu ke nan: zafi nawa ake buƙata domin wannan ƙanƙara mai nauyin 0.5 kg ta tashi daga −18 °C ta zama tururi mai zafin 120 °C?

Abubuwan da ake riƙewa a hannu kafin a fara

Wajibi ne tun farko a bambance abubuwa biyu. Akwai makamashin zafi, wato abin da wuta ko hita ke zubawa cikin tukunya, wanda ake aunawa da jul kuma ake rubuta shi da harafin Q. Akwai kuma matakin zafi, wato abin da tamomita ke nunawa da digiri. Sau da yawa idan an ƙara na farkon na biyun yakan hau, sai mutum ya zaci koyaushe haka lamarin yake. A wurare biyu a wannan tafiya makamashi yana ta shiga amma tamomita ba ta motsawa ko kaɗan, kuma a nan ne dukan wahalar tambayar take.

Saboda haka ƙa'idoji biyu ake aiki da su. Ta farko ta shafi lokacin da matakin zafi ke hawa, abin kuma yana nan a kamanninsa, ƙanƙara tana ƙanƙara ko ruwa yana ruwa:

```
Q = m × c × ΔT
```

A nan m nauyi ne da kilo, ΔT kuma tazarar digirin da aka hau. Harafin c yana nufin ƙarfin ɗaukar zafi, wato yawan jul ɗin da kilo ɗaya na abu ke sha kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. Ƙa'ida ta biyu ta shafi lokacin da abin ke sauya kama, ƙanƙara tana narkewa ko ruwa yana zama tururi:

```
Q = m × L
```

Harafin L shi ne ɓoyayyen zafi, yawan jul ɗin da kilo ɗaya ke sha domin ya sauya kama gaba ɗaya ba tare da matakin zafinsa ya ƙaru ba. A lura cewa babu ΔT a wannan ƙa'ida, domin babu digirin da aka hau. Masanin da ya fara bayyana wannan al'amari shi ne Joseph Black, a birnin Glasgow, a farkon shekarun 1760, bayan ya lura cewa ƙanƙara tana shan zafi mai yawa wajen narkewa alhali tamomitar da ke cikinta tana tsaye.

Lambobin da za mu yi amfani da su biyar ne, ɗaya ga kowane zango:

```
c (ƙanƙara) = 2,100 J/kg·K
L (narkewa) = 336,000 J/kg
c (ruwa)    = 4,200 J/kg·K
L (tafasa)  = 2,260,000 J/kg
c (tururi)  = 2,000 J/kg·K
```

Waɗannan lambobi an ɗan daidaita su ne domin sauƙin lissafi. Wani littafin zai ba da 334,000 a wurin narkewa, wanda ya fi kusa da abin da aka auna, wani kuma zai ba da 4,186 a wurin ruwa. A ɗakin jarrabawa kada ɗalibi ya tsaya kan wadda ya haddace. Lambar da aka rubuta a ƙasan tambaya ita ce ake bi, domin da ita aka fitar da amsar da mai duba takarda ke riƙe da ita. Harafin K da ke cikin ma'aunin kada ya rikita kowa: hawan digiri ɗaya a ma'aunin °C daidai yake da hawan ɗaya a ma'aunin K, don haka babu buƙatar ƙara 273 a kan komai tunda tazara muke nema.

Mataki na farko shi ne zane

Ina ba kowane ɗalibi shawara ya kashe rabin minti ya yi zane a gefen takarda kafin ya rubuta lamba ko ɗaya. A ja layi a tsaye a sa masa digiri, a ja wani a kwance a sa masa makamashin da aka zuba. A kan na tsaye a yi alama a wurare huɗu: inda aka fara, wato −18, sai 0, sai 100, sai inda za a ƙare, wato 120. Daga −18 a ja layi mai hawa zuwa 0, daga nan a ja shi a kwance, sannan ya sake hawa zuwa 100, ya sake kwanciya, a ƙarshe ya hau zuwa 120. Abin da zai fito shi ne hawa uku da shimfiɗa biyu. Kowane hawa na ƙa'idar farko ne, kowace shimfiɗa kuma ta ƙa'ida ta biyu ce.

Amfanin zanen shi ne yana gaya wa ɗalibi zango nawa tambayarsa ke da shi, domin ba kowace tambaya ce ke da biyar ba. Idan an ce ƙanƙarar tana 0 °C tun farko, hawan farko ya fita. Idan an ce a tsaya a tururi mai 100 °C, hawan ƙarshe ya fita, amma shimfiɗa ta biyu tana nan. Idan kuwa ruwa mai 100 °C aka ce, to shimfiɗa ta biyun ma ta fita. Kalma ɗaya ce tsakanin waɗannan tambayoyi biyu na ƙarshe, ruwa ko tururi, amma kamar yadda za a gani nan gaba, amsar ɗaya ta kusa ninka ta ɗayar sau huɗu.

Zango na ɗaya: ɗumama ƙanƙara daga −18 °C zuwa 0 °C

Ƙanƙarar da ta fito daga firiza ba ta fara narkewa nan take, sai dukan jikinta ya fara hawa zuwa sifili. Wanda ya taɓa riƙe irin wannan ƙanƙara ya san a bushe take, har takan manne wa yatsa, kuma sai bayan ɗan lokaci take fara sheƙi da danshi. Tazarar digirin ita ce inda aka je a debe inda aka fito, wato 0 − (−18), wanda ya ba da 18. Alamar debewar nan tana kayar da ɗalibai, domin wasu sukan rubuta −18 su sami makamashi mai alamar debewa, alhali muna zuba zafi ne, don haka dole amsar kowane zango ta kasance sama da sifili.

```
Q1 = 0.5 × 2,100 × 18 = 18,900 J
```

Zango na biyu: narkewa a 0 °C

A nan tamomita take tsayawa. A cikin ƙanƙara ƙananan ƙwayoyin ruwa suna riƙe da juna a jere a wuri guda, kuma makamashin da ke shiga yanzu yana tafiya ne wajen sassauta wannan riƙo, bai rage komai da zai ƙara wa ƙwayoyin saurin motsi ba. Matakin zafi kuwa saurin motsin ƙwayoyin yake nunawa, shi ya sa ba ya hawa. Muddin akwai ɗan guntun ƙanƙara a cikin ruwan, kuma ana motsa shi sosai, cakuɗar tana nan a 0 °C.

```
Q2 = 0.5 × 336,000 = 168,000 J
```

Ya kamata a tsaya a dubi girman wannan lamba. Ta ninka ta zangon farko kusan sau tara, kuma idan aka raba 336,000 da 4,200 za a sami 80, ma'ana zafin da ke narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara zai iya ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga 0 °C har zuwa 80 °C. Wannan ne dalilin da ya sa mai sayar da zoɓo ke sa ƙanƙara a kularsa maimakon ruwan sanyi. Ruwa mai 0 °C da ƙanƙara mai 0 °C tamomita ɗaya suke nunawa, amma ƙanƙarar za ta shanye jul 336,000 a kowane kilo kafin ta ma fara ɗumi, ruwan kuwa daga jul na farko yake fara hawa.

Zango na uku: ɗumama ruwa daga 0 °C zuwa 100 °C

Yanzu komai ya zama ruwa, sai a koma ƙa'idar farko da lambar ruwa, tazarar kuma digiri 100 ce cif.

```
Q3 = 0.5 × 4,200 × 100 = 210,000 J
```

Zango na huɗu: tafasa a 100 °C

Wannan zango ne ya fi kowanne cin makamashi, kuma shi ne ɗalibai suka fi mantawa da shi, saboda a maganar yau da kullum idan ruwa ya fara ɓulɓulowa sai mu ce ya tafasa, aiki ya ƙare. A lissafi, lokacin da kumfar farko ta taso shi ne farkon zangon, ƙarshensa kuwa sai ɗigon ruwa na ƙarshe ya tashi tukunya ta bushe. Duk tsawon wannan lokaci ruwan yana 100 °C, kuma ƙara wuta ba ya ɗaga shi ko da digiri ɗaya, sai dai ya sa ruwan ya ƙone da sauri.

```
Q4 = 0.5 × 2,260,000 = 1,130,000 J
```

Dalilin girman lambar yana cikin abin da ke faruwa da ƙwayoyin. A wurin narkewa riƙon da ke tsakaninsu sassautawa kawai ya yi, sun ci gaba da zama kusa da juna suna zamewa a jikin juna. A wurin tafasa kuwa dole a raba su gaba ɗaya kowace ta kama gabanta, har rabin litar ruwan nan ta zama tururin da ya cika wuri fiye da lita 800, kuma wajen buɗe wa kansa wannan wuri sai ya ture iskar da ke danne shi. Shi ya sa ɓoyayyen zafin tafasa ya ninka na narkewa kusan sau bakwai.

Wannan makamashi bai ɓace ba, yana tare da tururin, kuma yana fitowa duka a lokacin da tururin ya taɓa abu mai sanyi ya koma ruwa. Matan da ke turara shinkafa a Argungu da Jega da shi suke aiki: ruwa kaɗan ne a gindin tukunya, amma kowane giram na tururin da ya koma ruwa a jikin shanshera yana sakar mata jul 2,260. Haka nan shi ne ya sa ƙunar tururi ta fi ta tafasasshen ruwa muni ko da duka biyun suna 100 °C, domin giram ɗaya na ruwa da ya huce daga 100 °C zuwa zafin jikin mutum, kimanin 37 °C, jul 265 kawai yake saki, tururin kuwa sai ya fara sakin 2,260 sannan ya ƙara da wannan 265 ɗin.

Zango na biyar: ɗumama tururi daga 100 °C zuwa 120 °C

Tazarar ita ce 120 − 100, wato 20, kuma lambar tururi ake ɗauka.

```
Q5 = 0.5 × 2,000 × 20 = 20,000 J
```

Tarawa da duba amsa

```
Q = 18,900 + 168,000 + 210,000 + 1,130,000 + 20,000
Q = 1,546,900 J
```

Amsar ke nan, jul 1,546,900, wanda za a iya rubutawa 1.55 × 10⁶ J. Ga wanda ke son ya ji nauyin lambar, yunit ɗaya na mitar wutar lantarki jul 3,600,000 ne, don haka ledar ruwan nan guda ta ci kimanin yunit 0.43. A cikin jimillar, tafasa kaɗai ta kwashe kashi 73 cikin 100, ɗumama ruwa kusan kashi 14, narkewa kusan kashi 11, zangon farko da na ƙarshe kuwa kowanne bai kai kashi ɗaya da rabi ba. Shimfiɗu biyun da tamomita ba ta motsa a cikinsu ba sun cinye kusan kashi 84 na dukan makamashin.

Akwai awo biyu da nake so ɗalibi ya riƙe domin duba aikinsa, kuma ba su dogara da nauyin da aka bayar ba. Idan tambayar ta ratsa daga 0 zuwa 100 gaba ɗaya, to Q2 dole ya zama kashi huɗu cikin biyar na Q3, Q4 kuma dole ya ninka Q3 sau biyar da 'yan kai. A misalinmu 168,000 a raba da 210,000 ya ba da 0.8, sannan 1,130,000 a raba da 210,000 ya ba da kimanin 5.4. Duk wanda ya ga Q4 ɗinsa ya yi ƙasa da Q3, ya san ya zubar da sifili ɗaya wajen kwafe lamba, ko kuma ya musanya ɓoyayyen zafin tafasa da na narkewa.

Kuskuren da na ambata a farko yana da kyau a ga girmansa da lamba. Ɗalibin da ya ce daga −18 zuwa 120 digiri 138 ne, ya ninka 0.5 da 4,200 da 138, zai sami 289,800 J, abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na amsar gaskiya ba. Kuskure na biyu shi ne na giram: idan tambaya ta ce 500 g, lambobin kuma na kilo ne, dole a raba da 1,000 tukuna, in ba haka ba amsar za ta kumbura sau dubu. Wani lokaci kuma lambobin ne ake bayarwa da giram, kamar 4.2 J/g·K da 336 J/g, a nan sai a bar nauyin da giram ɗinsa. Abin dubawa kawai shi ne ma'aunin nauyi da ke cikin m ya zama shi ne ke cikin c da L. Na uku shi ne ɗora lambar ruwa, 4,200, a kan ƙanƙara ko tururi. Wannan ba ya canza jimilla sosai saboda zangunan ƙanana ne, kuma daidai wannan dalili ne ya sa yake da wuyar ganewa, amma mai duba takarda yana ganinsa a layin farko.

Mayar da makamashi lokaci

Sau da yawa tambayar takan ci gaba da cewa hita mai ƙarfin kaza ce ke ba da zafin, a nemo lokaci. Wat ɗaya yana nufin jul ɗaya a kowace daƙiƙa, saboda haka, idan t lokaci ne da daƙiƙa, P kuma ƙarfin hitar da wat:

```
t = Q ÷ P
```

Da hita mai wat 1,000, idan aka ɗauka dukan zafinta yana shiga cikin ruwan, zangon farko zai ɗauki kimanin daƙiƙa 19, narkewa minti 2 da daƙiƙa 48, ɗumama ruwa minti 3 da rabi, tafasa minti 18 da daƙiƙa 50, zangon ƙarshe daƙiƙa 20. Jimilla ta kusa minti 26. Da waɗannan lambobi ake gyara zanen farko ya zama na gaskiya. Shimfiɗa ta biyu dole ta fi ta farko tsawo kusan sau bakwai, wanda ke nufin zanen da ya nuna su daidai da juna ba daidai ba ne. Hawa ukun ma ba miƙewarsu ɗaya ba: ƙanƙara da tururi suna hawa kusan digiri ɗaya a kowace daƙiƙa, ruwa kuwa bai kai rabin digiri ba, domin c ɗinsa ya ninka nasu. Layin ruwa ya fi kwanciya, na ƙanƙara da na tururi sun fi miƙewa tsaye, kuma ana iya tambayar ɗalibi dalilin haka ba tare da an ba shi lamba ko ɗaya ba.

Idan makamashin aka bayar, aka ce a nemo inda aka tsaya

Wannan ita ce sigar tambayar da ke rarrabe wanda ya fahimta da wanda ya haddace. A ce an zuba jul 100,000 kawai a kan ƙanƙarar nan tamu, aka tambayi halin da take ciki a ƙarshe. Hanyar ita ce a riƙa biyan zangunan ɗaya bayan ɗaya kamar yadda mai cefane ke biyan kowane mai kaya daga kuɗin da ke hannunsa, yana duba abin da ya rage kafin ya matsa gaba. Zangon farko yana buƙatar 18,900, an biya, saura 81,100. Zango na biyu yana buƙatar 168,000, abin da ya rage bai kai ba, don haka tafiya ta tsaya a tsakiyar narkewa. Matakin zafin ƙarshe 0 °C ne, abin da ya rage a nema shi ne yawan ƙanƙarar da ta narke:

```
m = 81,100 ÷ 336,000 = 0.24 kg
```

Amsar ita ce cakuɗar ruwa kimanin 0.24 kg da ƙanƙara kimanin 0.26 kg, duka a 0 °C. Da jul 300,000 aka bayar, zango na ɗaya da na biyu za su ci 186,900, saura 113,100, wanda bai kai 210,000 na zango na uku ba. A nan an tsaya a kan hawa ne, don haka digiri ake nema: a raba 113,100 da 0.5 sau 4,200, wato da 2,100, a sami ruwa mai kimanin 54 °C. Ƙa'idar da za a riƙe ita ce, idan makamashi ya ƙare a kan hawa ana neman digiri, idan ya ƙare a kan shimfiɗa digirin sananne ne, nauyin abin da ya sauya kama ake nema. Wanda ya sami ruwa mai 150 °C a amsarsa ya tsallake shimfiɗa bai biya ta ba.

Inda lissafin takarda ya bambanta da abin da ke faruwa a tukunya

Malamin da ya gwada wannan a ɗakin gwaji da tamomita da agogo zai ga lokutan ba su zo daidai da na takarda ba, kuma ya kamata ya iya gaya wa ɗalibansa dalili. Tukunyar kanta tana shan nata rabon. Tukunyar alminiyom mai nauyin 0.4 kg, wadda c ɗinta kimanin 900 ne, tana buƙatar jul 25,200 domin ta tashi daga 30 °C zuwa 100 °C, wanda ya fi dukan abin da zangon farko ya ci. Iskar ɗaki ma tana shiga lissafin ta fuska biyu. A watan Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke wuce 40 °C, iska tana taya hita narkar da ƙanƙara, sai zango na biyu ya ƙare da wuri fiye da yadda aka lissafa, amma da zarar ruwan ya fi ɗakin zafi sai lamarin ya juya, tukunya ta riƙa zubar da zafi, zango na uku da na huɗu su yi tsawo. Idan kuma ba a motsa cakuɗar ba, tamomita za ta iya nuna digiri 5 ko 6 a gindin tukunya alhali ƙanƙara tana yawo a sama, sai shimfiɗar farko ta fito a karkace.

Lambar 100 ɗin ma tana da sharaɗi, domin ta ginu ne a kan matsin iska na bakin teku. Duk hawan kimanin mita 300 yana rage digiri ɗaya daga wurin tafasa. A kwarin Rima bambancin bai kai digiri ɗaya ba, shi ya sa ba ma damuwa da shi, amma a Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, ruwa yana tafasa a wajen 96 °C. Haka kuma lambobin na tsantsar ruwa ne. Ƙanƙarar zoɓo ko ta kunu tana da sukari, tana fara narkewa ƙasa da 0 °C kuma ba ta tsayawa a digiri ɗaya, don haka ba ta dace da wannan gwaji ba.

Zango na biyar kuwa ba za a iya ganinsa a buɗaɗɗiyar tukunya ba sam, domin tururin yana tashi ya bar wutar tun yana 100 °C, farin hayaƙin da ake gani a sama ma ƙananan ɗigon ruwa ne da suka riga suka huce. Kafin tururi ya kai 120 °C a matsin iska na yau da kullum, sai an bi da shi ta cikin bututu ana ci gaba da gasa bututun. Toshe tukunya ba ya cikin hanyoyin yin haka, yana da haɗarin fashewa, kuma yana canza tambayar gaba ɗaya, domin matsin da ya taru a ciki yana ɗaga wurin tafasar ruwan sama da 100 °C, ya kuma rage ɓoyayyen zafinsa. A ɗakin gwaji na makaranta ya isa a tsaya a tsakiyar zango na huɗu: a auna nauyin tukunya da ruwanta a lokacin da tafasa ta kankama, a bar ta minti biyar, a sake aunawa. Hita mai wat 1,000 tana ba da jul 300,000 a minti biyar, wanda a takarda zai ƙone kimanin giram 133 na ruwa. Idan sikeli ya nuna giram 110 ne suka tafi, a ninka 0.11 da 2,260,000 a sami jul 248,600, ma'ana kimanin kashi 83 cikin 100 na zafin hitar ne ya shiga ruwan, sauran kashi 17 ɗin ya bi jikin tukunya ya shiga iskar ɗaki.